Ɗige-ɗigen komik da baƙin layin tawada daga hoto a GIMP: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu son mayar da hoton kyamara ya koma kamar shafin tsohon littafin komik na Amurka. Sunayen da ke kan allo an bar su yadda GIMP 2.10 da GIMP 3 ke nuna su. Abin da GIMP ke kira Layer, a nan falle za mu ce masa. Misali ɗaya ne za mu bi tun daga farko: hoton waya na wani mutum sanye da hula da farar riga mai aikin wuya, an yanke shi ya koma fiksel 2400 a faɗi, 3000 a tsawo.

Na sa filtar Newsprint a kan hotona, ɗige-ɗige sun fito, amma bai yi kama da komik ba. Me ya faru?

Abin da ka samu hoton jarida ne. Shafin komik ba a taɓa yinsa da aiki ɗaya ba. Mai zane yakan zana da fensir, wani ya bi da baƙar tawada, sannan a ware launuka daban, kowanne a kan farantinsa na bugu: shuɗi, ja, rawaya, sai baƙi a ƙarshe. Ɗige-ɗigen suna cikin launuka ne kawai. Baƙin layin kuwa cikakkiyar tawada ce, ba ɗigo ko ɗaya a jikinsa, kuma shi ke zaune a saman komai.

Idan ka sa Newsprint a kan hoto yadda ya fito daga kyamara, filtar za ta farfasa komai, har da gefen fuska da ido da gira, babu wani layi da zai rage ya riƙe siffar. Don haka aikin yana bukatar aƙalla fallaye uku: takarda a ƙasa, launi mai ɗige-ɗige a tsakiya, layin tawada a sama. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan tsari suke tafiya.

Akwai bambanci tsakanin ɗigon jarida da ɗigon komik ne?

Akwai, kuma ido yana ganewa ko da mai idon bai san dalili ba. A hoton jarida girman ɗigo yana canzawa daga wuri zuwa wuri: manya a inuwa, ƙanana a haske, da haka ake samun launi mai sauka a hankali. A komik kuwa fili guda yana ɗauke da ɗigo masu girma ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ana kiransu ɗigon Ben Day, da sunan Benjamin Day, wani mai zane kuma mai aikin ɗab'i a Amurka wanda ya fito da dabarar a 1879.

Shekaru da dama masu launin komik suna da zaɓi huɗu ne kacal ga kowace tawada: babu, kashi 25 cikin ɗari, kashi 50, ko cikakke. Huɗu sau huɗu sau huɗu, launi 64 ke nan. Suna rubuta wa masu ware launi alamomi a jikin zane, kamar Y2R2, wato rawaya kashi 25 da ja kashi 25, wanda da shi aka saba yin fatar Bature. Wannan ƙarancin zaɓi shi ne asalin kamannin da kake nema. Hoton kyamara yana da launuka dubbai, aikinka shi ne ka rage su kafin ka taɓa maganar ɗigo.

Wane irin hoto ne ya fi dacewa, kuma me zan fara yi masa?

Hoton da haske ya zo masa daga gefe ɗaya, har aka ga inuwa sarai a ƙarƙashin haɓa da gefen hanci. Wanda aka ɗauka da daddare da filashi, ko wanda ya bi ta hannu da yawa a waya har ya dagule, zai ba ka wahala, domin duk ƙurar da ke cikinsa za ta koma baƙin tabo idan aka zo fitar da layi. Bayan mutum ma yana da tasiri: ganyaye ko taron jama'a layuka ɗari za su haifa. Ka zagaye mutumin da Paths ko Foreground Select, ka cire bayan, daga baya a cika shi da launi ɗaya.

Sai ka tsayar da girman ƙarshe tun yanzu ta Image > Scale Image, domin rage hoto bayan an sa ɗigo yana ɓata shi, kamar yadda amsar tambayar WhatsApp ta bayyana a ƙasa. Bayan haka ka goge ƙananan bayanai da Filters > Blur > Median Blur. A hotonmu na 2400, Radius tsakanin 4 da 6 yana share ramukan fata da zaren yadi ba tare da ya narkar da gefen fuska ba. Gaussian Blur bai dace da wannan mataki ba, shi gefe da tsakiya duk ɗaya yake shafewa. Ka kwafi fallen da ka goge sau biyu, ɗaya na layi, ɗaya na launi.

Ta yaya zan fitar da baƙaƙen layukan daga hoton?

Hanyar da ta fi ba ka iko ita ce ta rabawa. Ɗauki fallen layi ka cire masa launi da Colors > Desaturate > Desaturate. Kwafe shi, ka sa wa na saman Gaussian Blur na kusan fiksel 10, ka mayar da Mode ɗinsa Divide. Nan take hoton zai yi fari fat, sai wuraren da suka fi kewayensu duhu ne kawai za su rage da toka-toka: gira, zagayen ido, layin leɓe, ƙasan hanci, bakin hula. Dalili kuwa, kowane fiksel ana raba shi ne da matsakaicin maƙwabtansa, inda suka yi daidai sakamakon fari ne, ko fatar mai duhu ce ko mai haske.

Yanzu ka yi Layer > New from Visible, ka buɗe Colors > Threshold, ka ja alamar zuwa dama sannu a hankali. Yawanci layukan suna cika ne a wajen 220 zuwa 235 cikin 255, amma ido ne alƙali: ka tsaya inda ido da baki suka fito sosai, kafin kumatu su fara yin tabo. Faɗin Gaussian ɗin da ka sa shi ke yanke kaurin layi. Fiksel 5 siriri zai ba ka, 20 kuma ya ba ka masu kauri har da ɗan cikon inuwa. A ƙarshe ka mayar da Mode na wannan falle Multiply, farin ya ɓace, baƙin ya zauna a kan launi.

Ba ga filtar Cartoon nan ba? Me zai hana in yi amfani da ita kawai?

Tana nan a Filters > Artistic > Cartoon, kuma lissafinta ɗan'uwan na sama ne. Mask radius shi ne kaurin layi, Percent black kuma yawan baƙi. Matsalarta ita ce tana zuba baƙin a cikin launin hoton ne, a falle ɗaya, sai ya zama ba ka da layi a ware da za ka ɗora a kan ɗigo. Idan kana sonta, yi mata dabara: sa ta a kan kwafin da ka cire wa launi kuma ka haskaka sosai da Levels, sannan ka bi da Threshold. Don aikin gaggawa ta wadatar.

Layukana sun fito a tsittsinke, ga tabo ko'ina, gefensu kuma kamar haƙoran zarto. Yaya zan gyara?

Matsaloli uku ne, kowacce da maganinta. Tabon da ya warwatsu, musamman a inuwa da fata mai duhu, ƙurar kyamara ce da rabawa ta ƙara wa ƙarfi, domin a wuri mai duhu ɗan bambanci kaɗan yana zama babba idan aka raba. Koma baya ka ƙara Median Blur, ko ka ɗauki farin burushi ka share su da hannu. Aikin wuyan rigar da ke misalinmu shi ma yakan dunƙule ya zama baƙin curi. A nan gara ka goge mafi yawansa ka bar manyan siffofi biyu ko uku, haka mai tawada na gaske zai yi.

Gefe mai ƙaiƙayi kuma daga Threshold yake, tunda baƙi da fari kawai ya sani. Sa wa fallen layin Gaussian Blur na fiksel 2, ka buɗe Colors > Levels, ka matso da alamar baƙi da ta fari kusa da juna a tsakiya, misali 100 da 160. Gefen zai yi sumul. Idan ka tura su biyun zuwa dama layin zai ƙara kauri, zuwa hagu ya rame. Filters > Generic > Erode ma yana faɗaɗa baƙi da fiksel ɗaya a kowane zagaye, Dilate kuma yana rage shi.

Na ukun shi ne wanda babu filtar da za ta yi maka. Inda farar riga ta haɗu da bango mai haske babu bambancin da lissafi zai kama, sai kafaɗa ta fito babu iyaka. Dole ka zana wannan layi. Bi gefen jikin da Paths, ka buɗe sabon falle, ka yi Edit > Stroke Path da kaurin fiksel 10 zuwa 12, alhali layukan cikin fuska suna wajen 4 ko 5. Wannan bambancin kauri tsakanin layin waje da na ciki, a ganina, shi ya fi komai sa hoto ya yi kama da aikin hannu. In kana da allon zane mai alƙalami, kayan aikin Ink yana ba da layi mai kumbura da ramewa irin na burushi.

Yaya zan mayar da launukan su zama shimfiɗaɗɗu?

Colors > Posterize shi mutane ke fara gwadawa. Yana aiki ne a kan ja da kore da shuɗi kowanne daban, shi ya sa mataki 4 ke ba da launi har 64, kuma shi ya sa fuska kan fito da facin kore ko na shunayya inda ba a zata ba. Wanda ya fi shi tsabta shi ne ka yi Image > Duplicate, a kwafin ka shiga Image > Mode > Indexed, ka zaɓi launi 8 zuwa 12, ka bar Color dithering a None, ka dawo da shi RGB, sannan ka kwafo sakamakon cikin aikinka.

Mafi kyau duka shi ne cikawa da hannu, kuma bai kai yadda ake tsoronsa wahala ba. A misalinmu filaye shida ne kawai: hasken fuska, inuwar fuska, hula, riga, inuwar riga, bango. Ka zagaye kowanne da Free Select ka cika shi da launi ɗaya. Ba sai gefen ya yi daidai ƙwarai ba, baƙin layin da ke sama zai rufe mahaɗar.

Waɗanne lambobi zan sa a Newsprint?

Filtar tana Filters > Distorts > Newsprint, kuma a kan fallen launi kaɗai za ka sa ta. Color model ka zaɓi CMYK, wato tawadun bugu huɗu: Cyan shuɗi, Magenta ja, Yellow rawaya, Black baƙi; Pattern kuma Circle a kowace tawada. Period shi ne tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo a fiksel, kuma hanya mafi sauƙi ta zaɓensa ita ce ka tambayi kanka ɗigo nawa kake so a faɗin hoton. Tsofaffin komik suna da kusan layin ɗigo 60 a inci, don haka akwatin zane mai faɗin inci 3 yana ɗauke da wajen ɗigo 180. Raba faɗin hotonka da wannan adadi: 2400 a raba da 180 ya ba da kusan 13. Idan kana son ɗigon su fito ƙuru-ƙuru irin na zanen Roy Lichtenstein na shekarun 1960, wanda ya kumbura su da gangan, sa 30 ko 40. Ƙasa da 6 kuwa fiksel ba su isa su zana da'ira ba, sai ɗigon ya koma murabba'i.

Angle kusurwar jerin ɗigon ce. Masu ɗab'i sun saba da digiri 15 ga shuɗi, 75 ga ja, 0 ga rawaya, 45 ga baƙi. Tawada masu ƙarfi ana raba su da digiri 30 ne don kada jerinsu ya yi karo ya haifar da wani babban zane mai kama da saƙar tabarma, wanda ake kira muware. Rawaya ce aka bari a matse don ita ce ido bai cika kamawa ba. Ka rubuta lambobin nan da hannunka, ka kuma tabbata Period ɗaya ne a duka tawadun. Turbulence ka bar shi a 0, domin yana hargitsa jerin ne, komik kuma jeri mai tsari yake da shi.

Fuskar mutumin baƙar fata ce, bayan Newsprint sai ta cushe da baƙin ɗigo har ba a gane shi. Ina mafita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu aiki da hotunan mutanenmu, kuma yawancin darussan da ake samu da farar fata aka gwada su. Abu biyu ne ke haɗuwa. Na farko Black pullout: wannan ma'auni yana ɗebe duhun da tawada uku suka yi tarayya a kai ya mayar da shi baƙin ɗigo. Launin ƙasa-ƙasa yana da rabo a duka ukun, saboda haka fuska ce ke fara cika da baƙi. Rage shi zuwa 0. Komik na da ma ba ya sa baƙin ɗigo a fata, da shuɗi da ja da rawaya ake haɗa launin.

Na biyu, fatar da kyamara ta ɗauka ta fi abin da ɗigo zai iya ɗauka duhu. Idan kowace tawada ta rufe kusan duk filin, takarda ba ta leƙowa, ɗigon sun haɗe, baƙin layin ido da hanci kuma ya nutse a ciki. Sai ka ɗaga launin fuskar kafin filtar, ka bar layi da inuwa su nuna duhunta. A misalinmu, gwada cika hasken fuska da launi mai lamba `b9793f`, inuwarta da `8a5230`, ka duba. A falle kaɗai za ka ga kamar ya yi haske da yawa, amma da zarar gira da gemu da inuwar ƙarƙashin haɓa sun sauka da cikakken baƙi, ido zai karanta shi a matsayin baƙin mutum, kuma kamanninsa na nan. Idan fuskar ta karkata zuwa kore, shuɗi ya yi yawa. Idan ta yi jajir, ƙara rawaya. Kada kuma ka fitar da layi da Threshold kai tsaye a kan hoton, rabin fuskar zai tafi baƙi. Bi hanyar Divide da aka bayyana a sama.

Ina son ɗigo a wasu wurare kawai, sauran su zama cikakken launi. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma wannan ce hanyar da ta fi kusa da yadda aka yi abin a asali: kowace tawada da fallenta. Ɗauki ja a misali. Buɗe sabon falle fari. Zagaye fuska ka cika ta da toka mai haske, inuwar fuska da toka mai ɗan duhu, hula kuma, in kana son ta zama ja cikakke, da baƙi. Cire zaɓin da Select > None, sa Newsprint a Black on White, Circle, Period 13, Angle 75. Fari zai zauna fari, baƙi ya zauna baƙi, toka ce kaɗai za ta koma ɗigo masu girma ɗaya. Ka daidaita hasken tokar kana kallon sakamako har ɗigon su rufe kamar rubu'in fili a haske, rabi a inuwa.

Daga nan Colors > Color to Alpha ya cire farin, ka kunna Lock alpha channel, ka cika fallen da `ec008c`, ka sa shi a Multiply. A GIMP 3 filtoci ba sa manne wa falle da kansu, don haka ka sa alama a Merge filter a matakan nan biyu, in ba haka ba cikawar za ta shafe aikin. Maimaita da shuɗi `00aeef` a kusurwa 15, da rawaya `fff200` a 0. Ga fuskar misalinmu, rawaya cikakkiya, ja wajen rabi, shuɗi wajen rubu'i. Farar riga ba ta samun komai sai ɗigon shuɗi kaɗan a inuwarta, haka masu launin komik suka saba nuna farin yadi. Bango kuma rawaya zalla, ko ɗigon shuɗi.

Me ke sa ya yi kama da tsohon bugu?

Abu biyu sun isa. Fallen ƙasa ka cika shi da launin takarda mai ɗan rawaya, kamar `f3e9d2`, ka tabbata fallayen sama duk suna Multiply don ya ratso su. Sannan, idan kowace tawada da fallenta ka yi, ka gusar da fallen ja fiksel 2 ko 3 zuwa gefe ɗaya, na shuɗi zuwa wani, da Move da maɓallan kibiya. Injinan da suka buga komik a kan takarda mai arha ba sa daidaita faranti sosai, launi yakan ɗan tsallake layi. Fiye da fiksel 4 a hoto mai wannan girma sai ya koma kamar kuskure. Fallen baƙi kada ka motsa shi.

A GIMP ya yi kyau, amma da na tura ta WhatsApp sai wasu ratsi-ratsi suka bayyana. Me ya jawo?

Muware ne, amma wannan karon tsakanin jerin ɗigonka da jerin fiksel na allo. Duk lokacin da aka rage hoto mai ɗigo, tazararsu tana faɗawa tsakanin fiksel: Period 13 a faɗin 2400, in aka rage zuwa 1080, ya koma ƙasa da 6, wasu ɗigon su fito manya wasu ƙanana bi da bi. Ko a cikin GIMP za ka ga haka idan kana kallo a kashi 33 ko 67, shi ya sa hukunci a kan ɗigo sai a kashi 100, wato ka danna maɓallin 1.

Maganin shi ne ka ajiye fayil ɗin aikinka na GIMP, wato XCF, da fallayen launi kafin a sa musu ɗigo. Don allo, rage kwafinsa zuwa faɗin 1080 tukuna, sannan ka sa Newsprint da Period 8 zuwa 10. Fitar da shi a PNG, domin JPEG yana barin dauɗa a kewayen ɗigo da layi. A WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin Document, ta nan ba a matse shi.

Idan bugawa zan yi a takarda ko a kan bana, wato babban ƙyallen talla, fa?

Lissafin ya koma na inci. Raba yawan fiksel a inci da Period, ka sami layin ɗigo a inci. Takardar A4 a fiksel 300 a inci tana da 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, Period 12 ya ba da layi 25 a inci, ɗigon da ake gani daga nesan hannu. Idan ainihin 60 na tsohon komik kake so, Period 5 zai kama a wannan ma'auni, wanda ya yi kaɗan, sai ka yi aikin a 600 ka sa 10.

Ka tuna injin bugu ma da nasa ɗigon yake buga hotonka, jaridu wajen layi 85 a inci, mujallu 133 zuwa 150. Idan naka ya yi kusa da nasa za su yi karo. Ɗigo manya, layi 20 zuwa 30 a inci, ba su cika samun wannan matsala ba. Tawada kuma tana ɗan bazuwa a takarda, ɗigo ya fi yadda yake a allo girma, fuskar da ka daidaita ta ƙara duhu. Ka roƙi mai bugun ya fitar maka da yankin fuskar kaɗai a ainihin girmansa kafin ya buga duka, ka kuma gaya masa kada ya ja hoton ya cika takarda. In girman bana ne, ka tambaye shi faɗi da tsawo da fiksel nawa a inci injinsa ke so, ka koma fayil ɗin XCF ka sake sa ɗigon a wannan girma.